Shafi Ɗaya, Aiki a Fili: Gwanintar Rubuta Takardar Neman Koyon Aikin PLC a Ƙasar Shinkafa

A watan Nuwamba na 2015 aka ƙaddamar da shirin Babban Bankin Najeriya na ba manoman shinkafa rance a Birnin Kebbi. A watan Agusta na 2017 kuma Farfesa Yemi Osinbajo, yana muƙaddashin shugaban ƙasa a lokacin, ya buɗe kamfanin sarrafa shinkafa na WACOT a Argungu, wanda aka gina domin ya riƙa cashe tan 120,000 na shanshera a shekara. A Birnin Kebbi ma akwai kamfanin Labana. Ke nan shinkafar da ake nomawa a fadamar Rima ta samu manyan injinan da ke tace ta, su turara ta, su busar, su sussuke, su goge, har ta shiga buhu. Injina masu yawa haka ba a barin su a hannun mutum ya bi ɗaya bayan ɗaya yana kunnawa yana kashewa. A masana'antu irin waɗannan, wata ƙaramar kwamfuta ce da ke cikin fanel, wadda ake kira PLC, take karɓar labari daga maɓallai da sansoshi, ta yanke shawara bisa shirin da aka rubuta mata, sannan ta ba moto umarnin ya tashi ko ya tsaya.

Matashin da ya gama diflomar fasahar lantarki a Kwalejin Fasaha ta Tarayya ta Waziri Umaru da ke Birnin Kebbi, ko wata makaranta makamanciyarta, yana ganin wannan aiki a ƙofar gidansu, yana kuma son shiga. Sai dai abu guda ke tare masa gaba: bai taɓa riƙe fanel na kamfani ba. Abin da ke hannunsa bai wuce takardar shaida, da watannin koyon aiki na SIWES, da 'yan gwaje-gwajen da ya yi da kansa ba. Daga cikin irin waɗannan matasa akwai masu wata baiwa da ke burge ni matuƙa. Sukan ɗauki wannan ɗan abin da suke da shi su shimfiɗa shi a shafi ɗaya, ba ƙari ba ragi, yadda injiniyan da ya karanta zai ce a ransa: wannan yaron ya san abin da ke toshe mana layi. Wannan gwaninta ce ta gaske, kuma tana da ƙa'idojinta.

Wa zai karanta, me yake nema?

Gwanin marubuci yakan fara da tunanin mai karatu. Takardar kan bi ta hannu biyu. Na farko jami'in kula da ma'aikata ne, wanda ke duba ko mai nema ya faɗi gurbin da yake so, ko yana da shaidar karatun da aka nema, ko takardar tana da tsabta. Na biyu injiniyan gyara ne, kuma shi ne zai zauna da yaron a ɗakin fanel. Shi injiniya ba ya sa ran sabon ɗalibi zai zo ya rubuta shirin da zai tafiyar da kamfani. Shirin yakan zo tare da injinan, daga hannun waɗanda suka ƙera su. Abin da yake so ya sani uku ne: shin yaron nan zai iya karanta zanen waya, shin zai iya bin matsala daga fitilar PLC har zuwa wayar da ta kwance, shin kuma zai kiyaye ransa da na abokan aikinsa.

Shi ya sa takardar da ta cika da “ni mai ƙwazo ne, mai gaskiya, mai son koyo” ba ta motsa kowa. Duk mai neman aiki yana iya faɗin haka, har da wanda bai taɓa riƙe filaya ba. Wanda ya je neman aiki wurin tela ba ya tsayawa yabon kansa, rigar da ya ɗinka yake shimfiɗawa a duba layin zare. Gwajin PLC da matashi ya yi shi ne rigarsa, kuma dukan fasahar takardar ita ce yadda zai shimfiɗa shi cikin layi bakwai ko takwas.

Aikin da ake shimfiɗawa

Mu ɗauki misalin wani matashi ɗan Argungu da ya gama difloma, ya kuma samu wani oga mai haɗa fanel ya bar shi yana gwaji a kan allon koyo da yamma. A allon akwai PLC na Siemens, S7-1200 mai CPU 1212C, wanda ke da mashiga 8 da mafita 6 na kunnawa da kashewa. Akwai kwantakta uku, ƙaramin moto ɗaya, da fitilu da ke tsayawa a madadin sauran injina. Da ya tashi zaɓen abin da zai gwada, bai ɗauki fitilar ba da hannu ta kan titi ba, wadda kusan kowane mai koyo ke farawa da ita. Ya zaɓi kwaikwayon farkon layin shinkafa: ƙofar da ke zubo shanshera, elebeta mai bokitai da ke ɗaga ta sama, injin tacewa da ke fitar da ƙasa da haki, da bel da ke kai ta rumbu. Tun daga wannan zaɓi ya nuna hankali, domin ya yi gwajin da mai karanta takardarsa ke fama da irinsa kullum.

Ƙa'idar layi irin wannan ita ce a tayar daga ƙarshe zuwa farko, a tsayar daga farko zuwa ƙarshe. Bel ne ke fara tashi, bayan daƙiƙa 5 injin tacewa ya bi, bayan wasu 5 elebeta ta tashi, sai a ƙarshe ƙofa ta buɗe shanshera ta fara zuba. Dalilin a fili yake: kada wani inji ya zuba kaya a kan injin da ke tsaye. In an zo tsayarwa, ƙofa ce ke fara rufewa, a bar elebeta ta ci gaba da juyawa na daƙiƙa 20 har bokitanta su zazzage, sannan ta tsaya, injin tacewa ya bi, bel ya zama na ƙarshe. Elebetar da aka tsayar da kaya a cikinta, gindinta yakan cushe da hatsi. Idan an zo tayar da ita moto ya yi ta gurnani ya kasa, obalod ya faɗi, sai an kwance murfi an kwashe hatsin da hannu. Duk wanda ya yi aiki a inda ake sarrafa hatsi ya san wannan wahala, don haka da ya ga matashi ya ambaci daƙiƙa 20 na zazzage bokitai, ya san ba haddar littafi ba ce.

Tushen shirin layi biyu ne kacal a tsarin tsani, wanda ya gaji kamannin zanen rile na da:

```
|--[ I0.0 ]--+--[ I0.1 ]--[ I0.2 ]--( Q0.0 )--|
|--[ Q0.0 ]--+
```

A nan I0.0 maɓallin tayarwa ne, I0.1 na tsayarwa, I0.2 ɗan makunnin obalod na bel, Q0.0 kuma shi ke ja kwantaktan bel. Idan an danna tayarwa Q0.0 ya kama, sai reshen ƙasa ya riƙe shi ko da an saki maɓalli. Abin lura yana kan maɓallin tsayarwa. Ana haɗa shi ne da makunnin da ke rufe a ko da yaushe, wato wuta tana isa I0.1 muddin ba a danna ba. Amfanin haka, idan ɓera ya ci wayar ko ta tsinke, PLC zai ga wuta ta ɗauke ya tsayar da inji. Da an haɗa shi akasin haka, waya za ta tsinke ba wanda ya sani, sai ranar da aka danna tsayarwa inji ya ƙi tsayawa. Haka kuma, tun da riƙon yana sakin kansa idan wuta ta ɗauke, layin ba zai tashi da kansa ba idan an dawo da ita ko an juya zuwa janareta. A ƙasar da ɗauke wuta ya zama ruwan dare, wannan magana ce ta kare hannun ma'aikacin da ya zura shi cikin inji yana share cushe. A kan wannan tushe matashin ya ɗora taimomi irin TON masu PT na T#5s da T#20s, ya kuma gyara hanyar tsayarwa domin maɓallin ya fara rufe ƙofa maimakon yanke bel nan take.

Kuskuren da ya fi nasara daraja

Abin da ya fi ba ni sha'awa a irin wannan takarda shi ne yadda gwani ke ba matsalar da ya ci karo da ita gurbi. A shirinsa na farko, matashin namu ya sa sharaɗin tashin injin tacewa ya zama Q0.0, wato umarnin da PLC ya ba bel. A kwamfuta komai ya tafi daidai. Da ya zo kan allo, sai ya cire wayar koyil ɗin kwantaktan bel don ya ga abin da zai faru. Moton bel ya tsaya cik, amma fitilun injin tacewa da elebeta suka ci gaba da haske. PLC ya ba da umarni, ya ɗauka an bi, alhali ba a bi ba. Da a kamfani ne, da shanshera ta yi ta tuli a kan bel ɗin da ba ya motsi.

Gyaran da ya yi shi ne ya jawo waya daga ɗan makunnin gefe na kowane kwantakta, mai lamba 13 da 14, ya mayar da ita mashigar PLC. Daga nan sharaɗin ya koma kan shaidar cewa kwantakta ya kama da gaske. Ya ƙara da cewa idan an ba da umarni har daƙiƙa 2 suka wuce shaidar ba ta dawo ba, a rufe ƙofa, a tsayar da duk injin da ke bayan wanda ya gaza, a kunna fitilar matsala. Da haka lissafin mashigarsa ya cika 8 cif: tayarwa, tsayarwa, obalod uku, shaida uku. Mafita kuwa 5: kwantakta uku, ƙofa, da fitilar matsala. Maɓallin gaggawa bai miƙa shi ga shiri ba. Ya haɗa shi da waya kai tsaye, ya riƙa yanke wutar koyil ɗin kwantaktoci, domin ko PLC ya rikice inji ya tsaya.

Injiniya na karanta wannan zai gane abubuwa uku ba tare da an gaya masa ba: yaron yana gwada aikinsa da gangan don ya ga inda zai karye, ya san bambancin umarni da tabbaci, kuma ba ya ɓoye abin da ya ba shi wuya. Gyaran ma yana da iyaka, kuma gwani yakan san iyakarsa. Makunnin gefe yana shaida cewa kwantakta ya kama, ba ya shaida cewa bel yana tafiya, don bel na iya tsinkewa ko ya riƙa zamewa moto yana ta juyi. Maganin wannan sansa ce mai lura da juyin abin da ke ƙarshen bel. Ba lalle ne ya sa wannan a takarda ba, amma ya riƙe shi don ranar ganawa.

Yadda takardar ke fitowa

Da Turanci ake rubuta irin wannan takarda a kamfanoninmu, amma ginin tunaninta ɗaya ne a kowane harshe. A sama akwai adireshin mai nema da kwanan wata, sai na kamfani, ana fuskantar da ita ga manajan ma'aikata, sai kan magana a layi ɗaya. Ga yadda jikinta zai kasance a hannun matashin misalinmu:

“Ranka ya daɗe,

“NEMAN GURBIN MAI KOYON AIKI A SASHEN LANTARKI DA SARRAFA INJINA

“Ina neman gurbin mai koyon aiki a sashen da na ambata. Na kammala difloma ta ƙasa a fasahar lantarki, kuma na yi watanni huɗu na SIWES a wani shagon haɗa fanel, inda na haɗa masu tayar da moto na kai tsaye da na sita-delta a ƙarƙashin kulawar ogan wurin, na kuma koyi bin zanen waya da auna layi uku da mita.

“Na yi gwajin PLC guda biyu. Na farko na yi shi a kan allon koyo da S7-1200, na rubuta shirin da tsarin tsani a TIA Portal. Yana kwaikwayon ƙofar shanshera, elebeta, injin tacewa da bel, da mashiga 8 da mafita 5. Layin yana tashi daga bel zuwa ƙofa da tazarar daƙiƙa 5, yana tsayawa daga ƙofa zuwa bel bayan elebeta ta zazzage, kuma ba ya tashi da kansa idan wuta ta dawo. A gwaji na gano cewa sauran injina suna ci gaba ko da kwantaktan bel bai kama ba. Na gyara da mayar da shaida daga makunnin gefe zuwa PLC. Ni na ja wayoyin allon, na kuma rubuta shirin. Moto ɗaya ne na gaske, sauran fitilu ne.

“Na biyu shirin cika tankin ruwa ne mai makunnin toso biyu, na sama da na ƙasa, da jinkirin daƙiƙa 5 don kada kaɗawar ruwa ta riƙa kunna famfo tana kashewa. Wannan a LOGO!Soft Comfort kaɗai na gwada shi, ban haɗa shi da famfo ba tukuna.

“Ban taɓa aiki a kan layin da ke samar da kaya ba, kuma ban yi aiki da sansoshi masu 4 zuwa 20 mA ko injin sauya gudun moto ba. Su nake son koya a wurinku. Ba na taɓa fanel sai na kashe, na kulle, na auna na tabbatar babu wuta. A Argungu nake zaune, zan iya aikin dare da na rana. Na haɗo da tarihin karatuna, kwafin shaidata, jadawalin mashiga da mafita, da zanen shirin. Zan yi farin cikin zuwa in nuna aikin ko a gwada ni a kan allo.

“Naka mai biyayya,”

Daga nan sai sa hannu, cikakken suna da lambar waya.

Abin da ke sa ta yi aiki

Duba yadda jimlar farko ta faɗi buƙata ba kewaye-kewaye. Ba ta fara da tarihin duniyar fasaha ba, ba ta kuma fara da labarin halin da gida ke ciki ba. Matsin rayuwa gaskiya ne, amma kamfani ba zai damƙa fanel mai wuta 400 V a hannun mutum don tausayi ba. Sakin layi na farko ya kafa tushe, wato cewa wannan ɗan lantarki ne kafin ya zama mai rubuta shiri. Wannan yana da nauyi, domin mafi yawan abin da ke tsayar da layi ba a cikin shirin yake ba. Yana wajen waya ce da girgiza ta kwance, sansa ce da ƙurar ɓuntu ta rufe, fis ne da ya ƙone, kwantakta ne da bakinsa ya cinye. Zafin watan Afrilu da ƙurar hunturu a ƙasar Kebbi suna ƙara wa fanel wahala. Mai koyon da ya iya kallon fitilar mashiga, ya ɗauki mita ya bi 24 V har inda ta ɓace, shi ake nema da tsakar dare.

Duba kuma yadda aka tsara bayanin gwajin. Ya faɗi na'urar da sunanta, da manhajar, da yawan mashiga da mafita, da abin da shirin ke yi, da matsalar da ta taso, da gyaranta, da kuma rabonsa a cikin aikin. Wannan na ƙarshe ana yawan mantawa da shi. Ayyukan kammala karatu galibi na rukuni ne, mutum biyar ko shida a kan abu guda, kuma injiniyoyi sun san haka tun da su ma ta nan suka bi. Wanda ya rubuta cewa su biyar ne, shi ya ja waya, wani ya rubuta shiri, ya fi samun yarda a kan wanda ya ce shi ya yi komai. Lambobin ma ba ado ba ne. Kowace lamba ƙofa ce da ya buɗe wa mai tambaya da saninsa: me ya sa daƙiƙa 5, me ya sa mashiga 8? Ba ya sa lambar da ba zai iya kare ta ba.

Sai batun raba gwajin kwamfuta da na allo. Babu abin kunya a kwaikwayo. PLC da kayan haɗinsa suna da tsada ga ɗalibi, kuma manhajoji irin CODESYS da OpenPLC suna ba mai kwamfutar hannu damar koyon tsani ba tare da ya sayi na'ura ba. Tun da aka fitar da ma'aunin IEC 61131-3 a 1993, harsunan shirya PLC suka samu tushe guda, don haka wanda ya laƙanci makunni, koyil da taima a manhaja ɗaya ba zai sha wuya sosai a wata ba. Amma kwaikwayo ba ya koya maka wayar da ta kwance, ba ya nuna maka kwantaktan da ya ƙi kamawa. Misalinmu ya nuna haka, domin a kwamfuta kuskuren bai bayyana ba. Mai gaskiya yakan ce wannan a allo, wannan a kwamfuta. Mai kuri yakan rubuta “ƙwararre a Siemens, Mitsubishi, Delta da Allen-Bradley”, ya jera sunaye kamar yana kiran rajista. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Tambaya ɗaya tak, a ce ya zana yadda ake haɗa maɓallin tsayarwa ya kuma faɗi dalili, ta isa ta tona komai.

Sakin layi na ƙarshe shi ne ya fi buƙatar ƙarfin hali, domin a nan yake faɗin abin da bai iya ba. Wasu na tsoron haka zai rage musu daraja. A gurbin mai koyo, akasin haka ne. Wanda ya ambaci sansa mai 4 zuwa 20 mA a matsayin abin da bai taɓa ba, ya nuna ya san akwai ta, ya san ana auna zafi da matsi da cikar tanki da irinta, ya kuma san inda iliminsa ya tsaya. Injiniya ya fi kwanciyar hankali da yaron da zai ce “ban sani ba, Oga, a nuna mini” a kan wanda zai buɗe shirin kamfani ya sauya taima don ya burge. Jimlar kashewa, kullewa da aunawa kuwa gajeriya ce, amma tana amsa babbar fargabar duk wanda zai ɗauki sabon hannu.

Inda takarda ke lalacewa

Akwai alamun da ke nuna takardar da ba ta nuna ba. Ɗaya ita ce takardar da za a iya aika wa banki, asibiti da kamfanin shinkafa ba tare da an sauya kalma ba. Idan ka rufe sunan kamfanin ba ka ga abin da ke nuna inda ta nufa ba, ba ta gama ba. Wata ita ce kwafe, inda abokai biyar suka ɗauki takarda ɗaya daga shagon buga takardu, wani lokaci har da sunan tsohon kamfanin a ciki. Wata kuma ita ce rashin daidaito tsakanin takarda da abin da aka haɗo, a ce mashiga 8 a takarda amma jadawali ya nuna 6. Ga mai neman aikin da waya ɗaya a gurbin da ba nata ba ke tsayar da layi, wannan babban aibi ne. Haka rubuta sunan na'ura ba daidai ba, ko hoton allo mai wayoyi a cukurkuɗe ba lamba. Gwani yakan ɗaure wayoyinsa, ya sa musu lamba, sannan ya ɗauki hoto.

Ya kamata kuma matsayin mai nema ya fito fili. Mai difloma ta ƙasa da ke neman shekarar koyon aiki kafin ya koma babbar difloma ya faɗi haka, don kamfani ya san tsawon zamansa. Mai babbar difloma ya faɗi ko ya gama hidimar ƙasa. Wanda ke da shaidar gwajin sana'a ta Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya ya ambace ta da matakinta. Ɓoye irin wannan ba ya ƙara komai sai ɓacin rai daga baya. Idan ta imel za a aika, a haɗa komai a PDF ɗaya mai ɗauke da sunan mai nema, a kuma rubuta sunan gurbin a kan saƙon.

Takarda mai kyau ba ta ƙirƙiro gurbin da babu, kuma kowa ya san akwai inda sanayya ke rigan cancanta shiga. Amma idan an buɗe ƙofa, ko an ce wa injiniya ya zaɓi yara uku cikin tarin takardu, wadda ta nuna aiki ita ke tsayawa a hannu. Abin da ya sa nake girmama wannan gwaninta shi ne ba a iya yin ta da baki kaɗai. Ba za ka rubuta labarin kwantaktan da ya ƙi kamawa ba sai ka cire wayar da hannunka ka gani.

Don haka kirana ga ɗaliban lantarki na Birnin Kebbi, Argungu, Aliero da kewaye shi ne ku fara rubuta takardarku tun kuna aji, ta hanyar yin gwaji ɗaya ko biyu da suka shafi injinan da ke yankinku, kuna ajiye jadawali, zane da bayanin kowace matsala a littafi. Malamai su riƙa neman kowane ɗalibi ya bayyana aikinsa a layi takwas kafin a ba shi maki. Masu shagon fanel su ba yara damar taɓa allo da yamma. Masu kamfanoni kuma, idan irin wannan takarda ta iso teburinku, ku kira mai ita ku ajiye masa allo da mita, ku bar hannunsa ya tabbatar da abin da ya rubuta.